Cinikin hannun jari biyu masu tafiya tare: wa ya taɓa yi?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina bin kamfanonin zinariya biyu, farashinsu kusan tare yake hawa, tare yake sauka. An ce ana sayen ɗaya a sayar da ɗayan a ci riba a tsakani. Wanda ya taɓa yi ya gaya mana yadda ta kaya.

Yayan Aboabo: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi, ga yadda tawa ta kasance. Na daɗe ina bin wasu kamfanonin zinariya biyu, ina raba farashin hannun jarin babban da na ƙaramin, amsar tana yawo tsakanin 1.9 da 2.1. Wata rana babban ya kai dala 33, ƙaramin yana 15, wato 2.2, kuma na duba labaransu ban ga dalili ba. Sai na ari 30 na babban wurin dillali na sayar, dala 990, na sayi 66 na ƙaramin, shi ma 990. Kuɗin ake daidaitawa, ba yawan hannun jarin ba. Bayan haka zinariya ta faɗi, babban ya dawo 28, ƙaramin 14. Na sayi 30 ɗin a 28 na mayar wa mai su, ribar 150. Ƙaramin ya ci mini 66. Saura 84, kafin a cire ladan dillali da kuɗin aro. Ka lura duka biyun faɗuwa suka yi. Da kowanne kashi 10 ya faɗi, da na tashi ba riba ba asara. Tazarar kawai nake ciniki.

Mai canji: Ai mu kullum muna yi a Tudu, dala da sidi. A 2022 wanda ya riƙe dala ya sha daɗi.

Yayan Aboabo: Alhaji, wannan daban. Kai faɗuwar sidi kake jira. Mu abu biyu muke riƙe, muna jiran su koma kusa da juna.

Ɗalibar Legon: Ni a asusun gwaji na yi. Abin da na gane shi ne, in dai rana ɗaya suke hawa kuma rana ɗaya suke sauka, dole tazarar ta dawo.

Malam na Sabon Zango: 'Yata, rabin maganar kenan. A ce duk ranar hawa ɗaya ya ƙara kashi 2, ɗayan kashi 1. Tare suke hawa, amma tazarar buɗewa take yi. Abin dubawa shi ne ko ta saba komawa mazauninta, da kuma abin da ke mayar da ita.

Ɗauki AngloGold Ashanti mai ramin zinariya na Obuasi da Gold Fields mai na Tarkwa, AU da GFI a kasuwar New York. Zinariya ce igiyar da ta ɗaure su. Amma ranar 31 ga Mayu 2022 Gold Fields ya sanar zai sayi Yamana Gold na Kanada, kuma da sababbin hannun jarinsa zai biya. Masu jari suka ga kasonsu zai tsinke, farashinsa ya zube kusan kashi ɗaya cikin biyar a yini guda. Wanda lissafi kawai yake kallo zai ce araha ta samu, alhali kamfanin ne ke shirin zama wani abu daban. A Nuwamba cinikin ya rushe, Pan American Silver da Agnico Eagle suka ɗauke Yamana. Duk watannin nan maganar Yamana ma tana jan GFI, ba zinariya kaɗai ba. Ni tun lokacin in tazara ta buɗe dare ɗaya, sanarwar kamfanin nake fara karantawa: saye ko haɗewa, rufe rami, sabon bashi. In na samu dalili, ba na shiga.

Ɗan Nima: To Malam, in an riga an shiga ba sai a yi haƙuri ba?

Malam na Sabon Zango: Haƙurin kuɗi yake ci. A da, kamfanonin mai Royal Dutch da Shell kashi 60 da 40 suke raba riba bisa yarjejeniya, babu dangantaka mai ƙarfin wannan. Duk da haka a 1998 tazarar ta ƙara buɗewa a kan LTCM, wani babban asusun zuba jari na Amurka da ya sa kuɗi yana jiran ta rufe, lokacin da asara ta taso masa ta ko'ina, dole ya rage abin da ya riƙe. Sai 2005 kamfanonin suka haɗe. Kai kuma kullum kuɗin aro na tafiya, in an raba riba kai za ka biya mai hannun jarin da ka ara, kuma yana iya neman abinsa ranar da ba ka shirya ba.

Yayan Aboabo: Shi ya sa kafin in shiga na rubuta 2.35 a takarda na manna jikin kwamfuta. Da amsar rabon ta kai nan da na fita da asarar wajen dala 68.

Hajiya Mamobi: Ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Na buɗe asusun, na ga wurin da za a danna a sayar da abin aro, sai na kasa. Malaminmu ya ce sayar da abin da ba ka mallaka ba akwai magana, ga kuma kuɗin da ake biya kan aron. Yanzu in ɗaya ya yi tsada sai in sayar da nawa in koma ɗayan.

Yayan Aboabo: Hajiya, hakan na yiwuwa, sai dai in zinariya ta faɗi babu ɓangaren da zai tare miki. Batun hukuncin kuwa a kai wa malamai, a nuna musu sharuɗɗan dillalin a rubuce.