Kaya 17 a hannuna, mako biyu, kowa na cewa nasa ne na gaggawa

Tela daga Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗinkin maza nake yi, ni da yaro ɗaya. Yau Litinin. Ina da ankon abokan ango kala 8 na ɗaurin aure ranar Asabar ta sama, akwai kala 4 na wani Alhaji da zai yi tafiya Juma'ar nan, sai mutum biyar masu kala ɗai-ɗai. Duk na ce musu babu damuwa. Kullum haka nake faɗawa rami. Yaya zan tsara?

Usaini Mai Keke: Wanda ya riga kawowa shi za ka fara yi wa, shi ne adalci. Ka rubuta sunaye a littafi ka bi layi.

Baba Tela: Wa'alaikumus salam. Usaini, littafin daidai ne, amma bin layi zai sa ya gama kayan wanda ba ya sauri, ango kuma ya tsaya a ƙofar shago ranar aurensa. Ranar karɓa ake bi, ba ranar kawowa ba.

Yaro, fara da lissafin hannunka. Kaftani da wando, daga yanka zuwa guga da maɓalli, a wurina awa 4 ne. Ka duba agogo a kan kala uku ka san naka, kada ka ɗauki na ranar da ka fi sauri. Kana buɗe shago tara ka rufe shida, sai ka ce awa tara kake aiki. Ba haka ba ne. Cire sallah, cin abinci, awon sababbin mutane, da abokin da ya zo ya zauna a benci yana hirar ƙwallo. Abin da ke saura a kan keke bai wuce awa 6 ba. Juma'a rabi ce, Lahadi hutu. Mako ya zama awa 33. Ka ware yini guda na gyare-gyare da shiga Kantin Kwari neman zare ko cikon yadi, saura 27. Kala bakwai ke nan da ƙyar. Ni shida nake alkawari.

To ga naka. Anko kada ka sa Asabar a ranka, sa Laraba. Alhamis da Juma'a na wanda zai gwada ya ce hannu ya yi tsawo ne, kuma a cikin mutum takwas sai an samu. Daga yau zuwa waccan Larabar kana da awa 51, cire yinin gyara, saura 45. Kala 11. Anko da Alhaji kawai sun kai 12. Ka ga tun kafin a taɓa mutum biyar ɗin nan ka riga ka karya alkawari.

Yau ɗin nan ka kira Alhaji ka tambaye shi kala nawa zai sa a jaka. Idan uku sun ishe shi, na huɗun ya jira dawowarsa. Su biyar ɗin ka kira su yau, ka ba kowa rana a mako na uku. Wanda aka gaya wa da wuri zai yi ɗan mita ya haƙura, ba kamar wanda ya hau adaidaita ya zo ya tarar ko yanka ba a yi ba.

Idan ankon na da aiki a wuya, ka yanka rigunan duka yau ka kai wa mai aiki gobe, don kwanakinsa ba a hannunka suke ba. Kafin su dawo ka yi na Alhaji da wanduna.

Maman Ilham: Ni matsalata wuta ce wallahi. Ka sayi janareto kawai ka huta. Tun da na sa janareto a shagona ban ƙara jin kunyar kwastoma ba.

Tela daga Fagge: Hajiya ina da janareto. Baba na gode, amma na taɓa ƙara wa kowa kwana uku, sai na riƙa ganin ai da sauran lokaci, na karɓi wani aikin a ciki.

Baba Tela: Ai shi ya sa rana biyu nake rubutawa. Ta kwastoma a rasit, tawa a bango da alli, kuma ta bangon kaɗai nake kallo. Kowane mako layi shida ne a bangon. Idan sun cika, wanda ya zo sai mako na gaba, ko ɗan'uwana ne. Kuma ba na ba mutum layi sai yadi, awo da kafin alƙalami sun haɗu a hannuna. Wanda ya ce zai aiko da awon ƙaninsa gobe, gobe za a fara ƙirga masa.

Usaini Mai Keke: Ni ina barin gurbi ɗaya na mai gaggawa, ya biya ninki. Shi ke biya mini kuɗin mai.

Baba Tela: Na gwada na daina. Da zarar an san kuɗi na tsallake layi, kowa sai ya zo a ƙurarren lokaci.

Usaini Mai Keke: A unguwarku ke nan Baba. Ni shekara uku ina yi.

Tela daga Fagge: Na kira Alhaji, ya ce biyu ma sun isa. Cikin biyar ɗin mutum ɗaya ya ce zai zo ya karɓi yadinsa.