Me za mu kira "sitatimen" ɗin shaida a wurin aiki?

Maman Ummi: Jama'a, a taimaka. A kamfaninmu da ke Kakuri aka ce in mayar da takardar ɗaukar sitatimen zuwa Hausa. Da ka ce wa lebura "zo ka ba da sitatimen", sai ya ɗauka ofishin 'yan sanda za a kai shi, ya ce bai ga komai ba. Wace kalma ce ba za ta firgita shi ba?

Ɗan Kawo: Ba'asi mana. Takardar ba da ba'asi.

Malam Garba: Ba'asi wanda ake tuhuma ne yake bayarwa, shi kuwa shaida ba a zarginsa da komai. Ni "bayanin shaida" nake rubutawa. A saman takardar a sa suna, aikinsa, rana, lokaci, wuri da waɗanda ke zaune. A kira shi shi kaɗai. A ce jarkar gas ce ta ɓace a sito, kada a tambayi maigadi "ka ga direba ya ɗauka?", an sa masa magana a baki ke nan. A ce masa "faɗa min abin da ya faru daren Talata". In ya ce ya ga mota ta fita bayan isha'i amma bai ga abin da ke ciki ba, haka za a rubuta da bakinsa: "na ga". Wanda ya rubuta "ya ga an sace gas" ya ɓata aikin.

Ɗan Kawo: To a ce "bayanin ganau", ya fi daɗin faɗi.

Malam Garba: Da daɗi, amma ina za ka kai jiyau? Wani cewa zai yi abokin aikinsa ne ya gaya masa. Ana rubutawa, a nuna ji ya yi, a sa sunan wanda ya faɗa masa don a nemo shi.

Alhaji Bala: Ashe ba takardar rantsuwa kuke nufi ba? Na yi guda a kotu bara.

Maman Ummi: A'a Alhaji, wannan ta cikin gida ce, ba rantsuwa. Malam, wanda bai iya karatu ba fa?

Malam Garba: A karanta masa da harshen da ya yi magana, ya gyara abin da bai faɗa ba, ya dangwala yatsa a kowane shafi. In da tafinta, shi ma ya sa hannu. Kuma kada ki yi masa alkawarin ba mai gani, don wanda ake zargi zai buƙaci ya san abin da aka faɗa, kuma takardar na iya kaiwa Kotun Ma'aikata.

Maman Ummi: Na ɗauki "bayanin shaida". Ita takardar mai gurabun cikewa fa, zubi ko samfuri?

Ɗan Kawo: Fom kowa ke cewa.

Malam Garba: Fom yana sa mutum ya ba da amsa guntu-guntu. Ni dai ban gamsu ba tukuna.