Me za mu kira shi idan kibod ya juye?

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Gobe da safe zan kai takardar darasi wurin bugawa, kanun babi ɗaya ya tsayar da ni. Ɗalibaina suna rubutu da Larabci da boko a kwamfuta ɗaya. Yaro zai rubuta السلام عليكم bai lura kibod yana kan Turanci ba, sai ya ɗago kai ya ga `hgsghl ugd;l`. Yatsunsa daidai suka danna, jerin haruffan ne ba shi ba. Wane suna zan ba wannan?

Ɗan Fagge: Tuntuɓen yatsa, kamar tuntuɓen alƙalami.

Mai Gyara: A'a, Yaya. Tuntuɓe shi ne ka nufi wani harafi ka taɓa na kusa da shi, kuma gobe wani wurin daban za ka kuskure. Wannan kuwa yana da ƙa'ida. Duk inda alif yake `h` zai fito, duk inda lam yake `g`, mim kuma `l`. Ƙirga ki gani, Malama: السلام harafi shida, `hgsghl` ma shida. Da haka ake gane shi, kuma shi ya sa ana iya mayar da shi. Ki juya kibod zuwa Larabci, ki danna maɓallan da ke ɗauke da waɗannan haruffan ɗaya bayan ɗaya, sallamar za ta dawo.

Uwar Biyu: Ni ma yana yi min. Na aika wa ƙanwata takarda, duk inda na sa ƙ sai ta ga `Æ™`.

Mai Gyara: Hajiya, taki daban ce. Ke daidai kika rubuta, manhajar da ta buɗe takardar ce ta karanta lambar harafin da wani tsari. Shi ya sa sauran haruffan suka tsira, masu lanƙwasa kaɗai suka lalace. Juya kibod ba ya maganinta.

Ɗan Fagge: To a ce gwarancin kibod.

Malamar Kwamfuta: Ina da ɗalibai Gbagyi a aji. Ba zan buga wannan ba.

Tsohon Malami: Tun farko ma wa ya ce kibod? Allon madannai muke da shi. Sunan da ya dace kuma shi ne saɓa-danni, a kan awon faɗi-tashi. Na daɗe ina faɗa.

Na Damagaram: Baba, mu nan kilabiye muke ce masa, kuma kullum muna cikin wannan matsala ba tare da Larabci ba. Namu na Faransanci ne, AZERTY, amma sau da yawa kwamfutar da aka sayo daga Kano jerin Turanci, QWERTY, ne a rubuce a jikinta. In an saita ta kan Faransanci, ka danna inda ka ga a, sai `q` ya fito. Hausa ta koma `Hqusq`, wata ya koma `zqtq`, mama kuwa `,q,q`, don m tana gefen l a namu. Lambobi ma sai ka riƙe `Shift`, in ba haka ba 1 da 2 su fito `&` da `é`. Wurin kalmar sirri ya fi muni, tunda ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ka yi ta gwadawa har a rufe ka.

Tsohon Malami: Kilabiye! Ku ari na Faransa, su ari na Ingila, Hausar kuma wa zai riƙe ta?

Na Damagaram: Ranka ya daɗe, allon ma daga Larabci ya zo.

Tsohon Malami: Ya zo ya zauna ɗaruruwan shekaru. Naku jiya ya sauka a mota.

Ɗan Fagge: Baba, faɗi-tashi aikatau biyu ne, danni kuwa suna ne. Awon bai hau ba. Kuma wanda ya ji saɓa-danni zai ɗauka maɓalli aka saɓa, mun koma tuntuɓe ke nan.

Mai Gyara: A shago ban taɓa jin wani suna ba, “kibod ɗina ya juye” kawai ake ce min. Yawanci mutum ya haɗa `Alt` da `Shift` ne bai sani ba, Windows ta sauya harshe. Malama, ki sa musu a takardar su duba kusa da agogo a ƙasan fuskar kwamfuta, ko `ENG` ne, ko `FRA`, ko `ع`. Maɓallin `Windows` tare da dogon maɓallin tazara yana nuna jerin harsunan, su zaɓa. In suna ake so, ni saɓanin jeri zan ce: jerin da ke hannu daban, wanda ke cikin na'ura daban.

Tsohon Malami: Saɓanin da kuka ɗauka ai daga nawa ne. Amma jerin me? Jerin gwano? Sai an ƙara madannai.

Malamar Kwamfuta: Na ƙara, Baba. Kanu: Saɓanin jerin madannai. A cikin bayani kuma zan rubuta “kibod ya juye”, don shi yaran za su faɗa ko na so ko ban so ba. Haruffan da ke fitowa ɗin dai har yanzu ba su da suna, na bar su a shirme.

Tsohon Malami: Kanun ya yi tsawo. A bugu na biyu ki sake duba saɓa-danni.