Yoyo ko ƙin saki: wace kalma ta dace da abin da Turawa ke kira memori lik?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da matasa Node a nan Nima, kuma na kasa samun kalmar Hausa da zan ba memori lik. Misalin da nake kawo musu shi ne sabis ɗina mai karɓar sanarwar biyan kuɗi ta waya. Da na duba `process.memoryUsage()` a ranar farko, `heapUsed` yana kusan megabait 90, amma kafin rana ta huɗu ya haura 1,400, sannan ya faɗi da saƙon `JavaScript heap out of memory`. Na fara cewa "yoyon memori", sai wani yaro ya tambaye ni ina memorin yake zuba, na rasa amsa.

Baba Sabon Zango: Wa alaikumus salam. Malam, yaron ya fi mu lura. Bokiti mai yoyo ruwansa raguwa yake yi, alhali a nan ba abin da ya zube, kaya ne suka taru aka ƙi sakinsu. Mai kwasar shara na V8 yana ɗaukar abin da babu mai riƙe da shi ne kawai, kamar yadda mai aboboya ba zai shiga ɗakinka ya ɗauki kwalin da ke hannunka ba, ko da ka shekara ba ka buɗe shi ba. Ni "ƙin saki" nake cewa. To, me ya riƙe naka?

Ɗan Nima: Baba, na tayar da sabis ɗin da `--heapsnapshot-signal=SIGUSR2`, na ɗauki hoton memori bayan ya ɗan yi aiki, na sake ɗauka bayan awa biyu. Na loda su a DevTools na Chrome, na zaɓi `Comparison`, sai na ga dubban `IncomingMessage` sun ƙaru, kusan babu wanda aka goge. Da na bi `Retainers`, sawun ya kai ni nan:

```js
const gani = new Map();
gani.set(id, req);
```

Na kafa shi ne don kada a lissafa biya ɗaya sau biyu, amma na ajiye buƙatar gaba ɗaya da duk abin da ke rataye da ita, kuma ban taɓa rubuta `delete` ba. Yanzu lokacin shigowa kawai nake ajiyewa, ina goge duk abin da ya wuce minti 10, kuma memorin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto.

Hajiya Madina: Ni a wurina "cikewar memori" ya wadatar, tunda cika yake yi. Mu da ya same mu, mun ɗaga `--max-old-space-size` zuwa 4096, mun kuma sa pm2 ya sake tayar da sabis ɗin kullum da asuba, kuma ba mu ƙara jin ƙorafi ba.

Baba Sabon Zango: Hajiya, cika ita ce ƙarshen lamarin, kuma sabis mai lafiya ma yana iya cika idan aiki ya fi ƙarfinsa. Bambancin yana bayyana idan kin sa `--trace-gc`: a dubi adadin da ya rage bayan kowace babbar kwasar shara, idan yana ƙaruwa alhali yawan masu shigowa bai canza ba, to akwai mai riƙo. Ɗaga iyakar jinkirta faɗuwar kawai yake yi. Ina kuma jan hankalin Malam cewa ɗaukar hoton yana tsayar da sabis ɗin, yana kuma iya cin kusan ninki biyu na memorin, don haka a cire injin daga hidimar jama'a tukuna.

Ɗalibi daga Mamobi: Malamai, ni ma uwar garkena ta cika makon jiya, na goge tsofaffin fayilolin rahoto ta dawo daidai.

Ɗan Nima: Ƙanena, wannan faifan ajiya ne, mu kuma muna maganar RAM. Ka ma nuna mana haɗarin "cikewa", domin tana haɗa biyun.

Hajiya Madina: Na yarda da wannan, amma kada mu yar da "yoyo". Daga wajen na'ura, wurin da ya rage raguwa yake yi kaɗan-kaɗan, kuma yaron da ya ga `Possible EventEmitter memory leak detected`, wanda ke fitowa idan masu sauraron abu ɗaya sun wuce 10, zai fi saurin haɗa shi da yoyo. Sannan namu ya bambanta da na Malam: `rss` ne ke hawa, `heapUsed` yana zaune.

Baba Sabon Zango: To ki dubi `external` da `arrayBuffers`, domin bayanan da ke cikin `Buffer` ba a cikin tarin da `heapUsed` ke aunawa suke zama ba. Idan su ma suna zaune, zargi ya koma kan wani ƙari da aka rubuta da C++ ko kan rarrabuwar memori, kuma a can na amince "ƙin saki" ba koyaushe yake dacewa ba.

Ɗan Nima: Na gode. A ajin Asabar zan rubuta "ƙin sakin memori" idan ana neman mai riƙo a `Retainers`, in bar "yoyo" ga alamar da ake gani daga waje. Hajiya, ki turo mana adadin `external` na kwana biyu mu gani.