Kullum Gizo da hankaki, kuma ba a yarda a canja ko kalma ɗaya

Maman Khalifa (Tudun Wada): Assalamu alaikum. Tambayata ga masu reno da malaman nazare. Yaro ne ɗan shekara uku, kullum bayan isha'i tatsuniya ɗaya yake so, ta Gizo da hankaki da ɓauren tsakiyar kogi. Da an ce ƙurunƙus sai ya ce a sake. In aka ce hankaki sun ba Gizo gashi, alhali jiya an ce sun ara masa, sai ya tashi zaune ya ce ba haka ba ne. Me ke kawo wannan, kuma a biye masa ko a hana?

Malama Asabe (Samaru): Wa alaikumus salam. A biye masa, Maman Khalifa. Ke ce kike jin labari ɗaya, shi kowane dare wani ɓangare yake ɗauka. Ɗan shekara uku ba ya iya riƙe baƙuwar kalma da jerin abin da ya faru da dalilinsa duk a zama ɗaya. A tatsuniyar nan taku, daren farko abin da yake tsinta bai wuce Gizo da tsuntsaye da ruwa ba. Bayan 'yan kwanaki sai jerin ya zauna masa: an ara gashi, an tashi sama, an sauka kan ɓaure, Gizo ya yi ta cewa wannan nawa ne, hankaki sun karɓe gashinsu sun tafi. Sai jerin ya zauna sannan kansa yake samun sararin tambayar dalili.

Ki lura da tambayoyinsa, su za su nuna miki inda ya kai. Da fari "mene ne ɓaure?" za ki ji. Daga baya ya koma "don me suka bar shi?" Can kuma ya ce "ai da bai yi rowa ba". Wanda ya kai nan ya kusa sakin labarin da kansa.

Gyaran da yake miki kuma, yaro a wannan shekarun bai gama raba labari da kalmomin da aka faɗe shi da su ba. Yana hasashen kalmar da ke tafe, in ta zo daidai ya ji daɗi ya wuce gaba. In kin sauya ta, hankalinsa ya tsaya kan sauyin, zaren ya tsinke.

Malam Na-Gyallesu: Ai wannan hadda ce kawai. Mu a makarantar allo haka muke biya wa yaro, ya yi ta maimaitawa har ya zauna daram. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, a sa shi ya riƙa kawo tatsuniyar da ka, in ya yi kure a gyara masa.

Malama Asabe (Samaru): Allah gafarta Malam, maimaici kam shi ke zaunar da abu, nan mun haɗu. Amma a tatsuniya yaro ne mai gyara, babba ke faɗa. Da zarar an mai da ita tilawa ana kama masa kure, yara da yawa sukan daina nemanta. Kuma abin ya wuce hadda. A 2011 Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada 'yan shekara uku da ƙirƙirarrun sunayen kayayyaki a cikin littattafan labari. Wasu aka karanta musu labari ɗaya sau uku a zama guda, wasu labarai uku daban-daban, amma kowa ya ji sababbin kalmomin adadi ɗaya. Da aka dawo bayan kwanaki, waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya su suka riƙe wace kalma ce ta wane abu. Yaran ba su da yawa, kada a ɗora wa binciken abin da ya fi ƙarfinsa, amma ya dace da abin da ake gani a aji.

Baban Ummi (Sabon Gari): Nima tawa haka take, ta dawo daga makaranta ta ce ta ga kura a bayan aji, gobe ma ta sake faɗa, kalma bisa kalma. Yaya ake hana yaro shirga ƙarya?

Maman Khalifa (Tudun Wada): Baban Ummi, taka ita ke ba da labarin, nawa nema yake a ba shi. Amma ka bincika, wataƙila daga tatsuniyar aji ta kwaso kurar.

Hajiya Inna (Ƙofar Doka): 'Yata, tatsuniya dama don maimaici aka gina ta. "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta". A tsakiya ga 'yar waƙa da ke dawowa, ga muryar Gizo da tsamin bakinsa, a ƙarshe ƙurunƙus kan kusu. Waɗannan su yaro ke fara kamawa. Kuskuren iyayen yanzu, in sun gaji sai su datse tsakiya don a gama da wuri. Yaro ya gane, ya yi rigima, a koma farko, a ɓata lokacin da ya fi na labarin. Ki faɗa masa tun kafin a fara: sau biyu za a yi yau. Ki cika biyun ba ragi, ki rufe bakinki. Dare uku ko huɗu zai gwada ki, daga nan ya saba. Kuma in an yi masa ƙani, ko an sa shi makaranta, ko an tashi daga gida, za ki ga ya ƙara manne wa tsohon labarin. Lokacin ba a kawo sabo.

Malama Asabe (Samaru): Gaskiya ne Hajiya. Ga gwajin da za ki yi yau, Maman Khalifa. Ki ce "sai hankaki suka ara wa Gizo..." ki yi shiru, ki ƙirga biyar a ranki. In ya cike da "gashi", gobe ki bar masa jimla guda. Kada shirun ya wuce wuri biyu ko uku a labari, in ya yi yawa ya zama jarrabawa. Idan ya fara cike gurbi ba gargada, ki yi kure da gangan kina murmushi, ki ce hankaki sun ara masa takalmi. In ya ƙyalƙyale da dariya ya gyara ki, labarin ya zauna, ki gabatar da sabo na Gizo da Ƙoƙi kafin tsohon, tsohon ya zama na rufewa. In ya ɓata rai ko ya yi kuka, bai gama da shi ba, ki mai da kalmar yadda take, ki sake gwadawa bayan mako ɗaya ko biyu.

Anti Nas (Kongo): A ƙara da wannan. Neman maimaici daga wajen shekara biyu zuwa biyar ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne yaron da ke rero jimlolin labari ko na katun shi kaɗai, amma ba ya amsa tambaya mai sauƙi, ba ya waigowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don ki gani. Wannan a kai shi wurin likitan yara, a fara da gwajin ji, ko a asibitin koyarwa na Shika. Mai kallon idonki yana gyara miki kalma, hira yake yi da ke.

Maman Khalifa (Tudun Wada): Na gode ƙwarai. To in na ɗauki muryata a waya ya riƙa kunnawa fa? Ai kalmomin ba za su canja ba.

Malam Na-Gyallesu: Hakan ma ya fi, waya ba ta kure.

Malama Asabe (Samaru): Ba ta kure, Malam, amma ba ta yin shiru ya cike, ba ta amsa "don me". Ranar da kike da baƙi ko ciwon kai za ta yi amfani. Kullum kam ban goyi baya ba.

Hajiya Inna (Ƙofar Doka): Ni ko ranar baƙin ban yarda ba. A ba yayarsa ta yi masa, in ta yi kure ya gyara mata.