Wace kalma za mu sa wa kuɗin kati da banki ke janyowa daga ɗan kasuwa idan kaya ba su zo ba?

Mai Fassara, Tumfure:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya bayani da Hausa ga masu sayayya ta intanet, sai na cije a kan kalmar da fom ɗin banki ke rubutawa `chargeback`, wadda ma'aikatansu ke kira cajbak. Abin da take nufi: ka biya da kati, kaya ba su zo ba, mai kayan ya ƙi maido maka kuɗinka, sai bankinka ya bi ta hannun kamfanin katin ya ciro kuɗin daga wajensa. Na sa "mayar da kuɗi" amma raina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Mai POS, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Malam, ai kalmar tana nan a bakin mutane: ribas. Kullum a shagona ake faɗinta. An cire kuɗi, na'ura ta ce bai tafi ba, mutum ya jira kuɗinsa su yi ribas. Tun watan Yunin 2020 ma Babban Banki ya ce na POS da na intanet kada su wuce awa 72. Ka sa ribas kowa zai gane.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Ɗana Mai POS, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma wani abu ne daban. Ribas na cinikin da ya faɗi ne: kuɗin sun bar asusunka, ba su isa ga mai kaya ba, sun maƙale a hanya. Ba wanda ke jayayya da wani. A maganar Mai Fassara kuwa biya ya tafi lafiya lau, kuɗi sun shiga hannun ɗan kasuwa, kaya ne ba su zo ba. Idan ka shiga banki ka ce kana jiran ribas, yarinyar da ke kantar bankin za ta duba ta ga cinikin ya yi nasara, ta ce maka ba matsala, ka koma gida hannu rabbana.

"Mayar da kuɗi" ma bai dace ba, don wannan mai kayan ne ke yi da kansa, da yardarsa. Abin da muke nema wa suna ba a neman yardarsa.

Malamin Islamiyya, Herwagana:
To ko iƙala? A fiƙihu warware ciniki ke nan, kowa ya karɓi nasa.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Allah gafarta Malam, ka fi ni sani, amma iƙala ai sai ɓangarorin biyu sun amince. Ta fi kusa da mayar da kuɗi. Bari in faɗi yadda abin ke tafiya, watakila kalmar ta fito da kanta.

Hannu biyar ne a ciki: mai kati, bankin da ya ba shi katin, kamfanin katin (Visa, Mastercard, ko Verve na Interswitch), bankin da ke karɓa wa ɗan kasuwa kuɗi, sai ɗan kasuwan. Kai ba ka magana da Visa, bankinka ne ke shigar da maganar a madadinka. Kowane irin ƙorafi yana da lambarsa. A Visa, kayan da ba su zo ba lambarsu 13.1, a Mastercard suna ƙarƙashin 4853. Idan bankinka ya shigar, ana cire kuɗin daga bankin ɗan kasuwa, shi kuma ya cire daga asusun ɗan kasuwan. Daga nan a ba shi dama ya kare kansa, a Visa kwana 30. Idan ya yi shiru, ka ci. Idan ya kawo shaidar an kai kaya, kuɗin su koma masa, sai bankinka ya duba ko zai sake ja. In an ƙi daidaitawa, kamfanin katin ne ke yanke hukunci, kuma wanda ya faɗi yana biyan kuɗin shari'a na ɗaruruwan daloli. Shi ya sa ba kasafai banki ke kai ƙaramin ciniki can ba.

Hajiya Mai Ɗinki, Bolari:
Baba, Allah ya kawo ka. Ni kalma ba ta dame ni ba, kuɗina nake so. Na sayi inbata da batir na shago a wani shafi, naira 185,000, ranar 3 ga Maris. Sun rubuta za su kawo kafin 17 ga Maris. Yau muna tsakiyar Mayu, kullum "mako mai zuwa Hajiya, mota ce ta lalace a Jos." Ƙanena ya ce in je in ce wa banki ba ni na yi cinikin ba, wai an fi saurin biyan na sata.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Kul, Hajiya. Ban da ƙarya ce, faɗuwa za ki yi. Lokacin biya an turo miki lambar sirri a waya kin shigar, ko ba haka ba? Wannan shaida ce a hannunsu cewa ke kika biya. Suna nuna ta an rufe maganar, kuma kin ɓata sunanki a wajen bankinki. Amma lambar nan ba ta ce komai a kan ko kaya sun iso ba, don haka ƙorafinki na gaskiya shi ne mai ƙarfi.

Kafin komai, da me kika biya? Shafukan biya irin na Paystack da Flutterwave sukan ba ka zaɓi: kati, ko tura kuɗi zuwa wata lambar asusu. Duba alat ɗinki.

Hajiya Mai Ɗinki, Bolari:
Kati ne. Visa. Na shigar da lambobin nan 16 da ukun da ke baya.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Madalla, kina cikin tsarin. Ga lissafinki. Visa tana ba da kwana 120, kuma tunda sun sa ranar kawowa, ana iya ƙirgawa daga ranar ƙarshe da kika sa ran kayan. Daga 17 ga Maris, kwana 120 zai cika 15 ga Yuli. Idan ba ki da abin da zai nuna alkawarin 17 ga Maris, daga ranar cinikin za a ƙirga, wa'adin ya dawo wajen 1 ga Yuli. Kin ga amfanin hoton shafin da ya nuna ranar. Kuma wa'adin nan na bankinki ne ya shigar, ba naki na zuwa banki ba. Su ma suna bukatar lokacin haɗa takardu. Mako mai zuwan nan da ake ce miki, da shi ake cinye wa mutane wa'adi.

Yau ki rubuta musu saƙo, a rubuce ba kira ba: na biya kaza ranar kaza, kun ce 17 ga Maris, ba a kawo ba, ku maido kuɗina. Ƙa'ida ce sai kin nemi warwarewa da mai kaya tukuna, kuma banki zai tambaya. Sannan ki tafi reshe da rasit ɗin oda, da alat ko bayanin asusu mai nuna cirar, da hoton ranar kawowa, da hirarku duka, har da maganar motar Jos, don a ciki su da bakinsu sun yarda ba su kawo ba. Ki cika fom ɗin jayayyar kati, ki rubuta a fili cewa ke kika biya amma kaya ba su zo ba. Kada ki fito sai da lambar ƙorafi. Idan mako biyu ya wuce banki bai yi komai a kai ba, da lambar nan za ki kai su sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Abu biyu kan kayar da mutum. Na ɗaya, su kawo takardar da ke nuna an karɓa. Mu nan Gombe kaya da yawa tasha ake saukewa, yaron wani ya sa hannu. Ki tambayi yaran shagonki da na gida kafin ki rantse. In sun kawo takarda, a duba adireshi, suna da rana. Takardar "an ɗora a mota" ba ta "an kai" ba ce. Na biyu, ga masu oda daga waje: idan kayan suna tsare a hannun kwastam ɗin ƙasarka, Visa ba ta ɗaukarsa a matsayin laifin mai kaya.

Ɗan Waya, Tudun Wada:
Ni ma an cuce ni dubu 60 a kan waya a Instagram. Na tura ta manhajar banki zuwa asusun mutumin. Gobe zan je in yi wannan abin.

Mai POS, Jekadafari:
Kai naka taransifa ce, ba kati. Ko ni na san wannan.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Haka ne. Turawa daga asusu zuwa asusu ba ta bi ta kamfanin kati, babu lambar 13.1 a can. Ka kai rahoton damfara bankinka da 'yan sanda da wuri, ko a dace a riƙe asusun kafin ya kwashe. Wata hanya ce daban.

Mai Fassara, Tumfure:
Baba mun ƙaru. Daga bayaninka, abu uku kalmar za ta ɗauka: banki ne ke yi, ba da yardar mai kaya ba, kuma biyan da aka riga aka yi ne ake dawo da shi. Ina ganin "ƙwaton banki".

Malamin Islamiyya, Herwagana:
Ƙwato ya yi daɗin kunne, don ana cewa a ƙwato wa mutum haƙƙinsa. Sai dai mai ji da sauri zai ji "ƙwacen banki", ya ɗauka bankin ne ya ƙwace masa. Mutanenmu dama a tsorace suke da cire-ciren banki.

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Ni matsalata da ƙwato ita ce yana nuna an gama. Alhali kuɗin na iya shiga asusunka na wucin gadi, ɗan kasuwa ya kawo hujja, a sake cirewa. Na ga wanda ya kashe su, aka wayi gari asusunsa na bin sa bashi. Na fi son "janye biya". Abin da aka janye ana iya mayar da shi.

Hajiya Mai Ɗinki, Bolari:
Janye biya kamar ni ce na fasa ciniki. Ni ban fasa ba, inbata nake so, su suka ƙi kawowa. In dai ja ne, a ce "janyo", don wajena kuɗin za su taho.

Mai POS, Jekadafari:
Hajiya ta yi magana. "Janyo kuɗin kati." Amma ku sani, a kanta sai kun ce cajbak kafin su gane.

Mai Fassara, Tumfure:
To zan sa "janyo kuɗin kati", abin da mutum ke shigarwa kuma "ƙorafin kati", sai in ambaci cajbak sau ɗaya don a san abin faɗa a banki. Saura martanin ɗan kasuwa, wanda ke sa a sake cire kuɗin. "Kare kai" zan ce ko "musun ɗan kasuwa"?

Baba Tsohon Banki, Pantami:
Musu baki ne kawai, shi kuwa takarda ake nema a wajensa. Bari in kwana da ita. Hajiya, ki tafi da katin shaidarki, kuma ki buga hirar a takarda, wasu rassan ba sa karɓar hoto a waya.