Taya ta fashe mini a hanyar Jega zuwa Koko: taku nawa ake ajiye si-koshan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jiya bayan magariba tayar baya ta hagu ta fashe mini tsakanin Jega da Koko, na ɗan wuce wata kwana ke nan, ga iyali a mota. Na ajiye si-koshan ɗina, alamar nan ja mai kusurwa uku, kamar taku 10 a baya, na tsuguna ina kwance taya. Wata tirela ta fito daga kwanar, saura ƙiris ta kwashe ni. Don Allah ina ya kamata in ajiye ta?

Tsohon direban tirela: Wa'alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba, ɗana. Taku 10 ba ya amfanar kowa, don wanda ya hango alamar a nan ya riga ya hango motar. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani, ƙafarsa ta kai kan birki, ya ci wajen mita 40. Birkin ma sai ya ja ƙaramar mota fiye da mita 50 a busasshiyar kwalta. Ka ga an doshi mita 100, wato taku 130 na babban mutum. Tirela da lodi kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, balle a gangara ko cikin ruwan sama.

Amma kai kwanar ce matsalarka. A ce taku 60 ne tsakaninka da ita. Duk abin da ka ajiye a cikin wannan tazarar, mai zuwa ba zai gani ba sai ya karyo, lokacin babu sauran dabara. Dole ka taka ka wuce kwanar, ka ƙara tafiya har inda hanya ta miƙe, ka ajiye ta a gefen hannun da motarka take. Haka in tudu ne ya ɓoye ka. Za ka tafi, ka riƙe ta a ƙirjinka tana fuskantar masu zuwa, kana bin gefen hanya, hasken fitilarsu zai nuna musu kai. Ka danne ƙafarta da ɗan dutse, iskar babbar mota tana kifar da ita.

Ɗan kasuwar Yawuri: Mu dai tun tasowarmu ganye ake karyawa a jera. Ko yaro ya san ma'anarsa, kuma ba ya cin ko sisi.

Tsohon direban tirela: Da rana yana taimakawa, Alhaji, musamman in an faro shi daga nesa. Da dare ganye ba ya mayar da haske, sai ka zo kansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a jera duwatsu a gama gyara a tafi a bar su, mai babur ya zo ya hau.

Malamar asibiti: Baba ya gama maganar alama, ni iyalin nake ji. Kafin komai a kunna sigina huɗu, a ja birkin hannu, kowa ya fita ta ƙofar dama, ɓangaren daji. Kada a bar yara a ciki wai suna barci, kada kuma a tsaya gaban mota: in aka buge ta daga baya, kansu za ta yi. Su matsa can nesa da kwalta. Kuma Malam, tayar hagu ce, jikinka yana cikin hanya ke nan. Da ka lallaɓa da ita a hankali ka sauka kwalta gaba ɗaya, ko da tayar za ta lalace.

Makanike a Birnin Kebbi: Gaskiyar Hajiya, sai dai a duba ƙasar. Jak yana nutsewa a yashi, mota ta zame. Ku riƙa yawo da guntun katako mai kauri, ku sa mota a giya, ku tokare tayar gaba ta dama da dutse. Hanyar da ake zuwa ake dawowa a kwalta ɗaya kuma, alama biyu ta fi, ɗaya a gaba saboda masu son wuce wata mota.

Wani matashi: Ni tawa tayar ba ta wata uku take tsagewa, wace iri ce mai ƙarko?

Mai tambaya: Wannan sai ka buɗe taka tambayar, ɗan'uwa. Na gode Baba, na gode Hajiya. Amma tsakani da Allah, da dare a wannan zamani, in bar mata da yara a daji in yi taku 130 ni kaɗai?

Tsohon direban tirela: Nan kam ba zan yanke maka ba. In wurin bai kwanta maka ba, ja ta a kan wili sannu sannu da sigina huɗu har gari na gaba, ka kira hukumar kiyaye haɗurra a 122. In injin ne ya mutu, babu zaɓi, sai an kai alamar.

Makanike a Birnin Kebbi: Baba, wilin zai iya lanƙwasawa, kuma mai rarrafe cikin duhu ma ana bugunsa ta baya. Ni in gari ya wuce kilomita biyu ko uku, gara in sauka gefe in canza.